Yadda ake rubuta bidiyon talla ga wanda ya duba kaya bai saya ba

Mutumin da ya shiga shafin kayanka, ya kalli hotuna, ya ga farashi, sannan ya fita, ba baƙo ba ne. Ya san abin da kake sayarwa, ya san kuɗinsa. Idan ka sake tura masa bidiyon da ya fara jawo shi, mai kiɗa da kirarin kaya, ka maimaita masa karatun da ya riga ya haddace. Wata tambaya ce ta tsayar da shi, bai samu amsarta ba, ko ya samu bai gamsu ba. Aikin bidiyon bibiya, wato tallar da ake nuna wa waɗanda suka taɓa duba kaya kaɗai, shi ne ya ɗauko tambayar nan ya amsa ta da hujjar da ido zai gani.

Za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Mai shago ne a Kano yana sayar da fanka mai caji, inci 16, haɗe da faifan sola, a kan naira 65,000. Yana da ɗan shafin intanet, yana talla a Facebook da Instagram, kuma yawancin cinikinsa a WhatsApp yake ƙarewa. Farashin da sauran alƙaluman shagon duk na misali ne, sai ka sa naka a gurbinsu.

Mataki na farko: nemo shakkun, kada ka ƙirƙire su

Mai kaya shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata a tambaya dalilin da ya sa ba a sayi kayansa ba. Kusan kullum amsarsa ɗaya ce: mutane ba su da kuɗi. Daga nan sai ya yi bidiyon ragi, alhali ba kuɗin ne ya hana da yawansu ba.

Buɗe WhatsApp da akwatin saƙon Instagram, ka ware hira 50 na baya-bayan nan da suka ƙare babu ciniki. A kowace hira abu ɗaya kake nema: tambayar ƙarshe da mutumin ya yi kafin ya yi shiru. Tambayar farko ba ta da amfani sosai, domin kowa da "nawa ne?" yake farawa. Ta ƙarshe ita ce inda igiyar ta tsinke. Rubuta ta a takarda yadda ya faɗe ta, da kalmominsa, kada ka gyara masa Hausa. Waɗannan kalmomin za ka buɗe bidiyo da su.

A ce mai fankar ya ƙirga ya samu haka: mutum 19 sun tsaya a kan "awa nawa batirin yake yi?", 14 a kan "zan iya biya idan kaya sun iso?" ko "ina shagonku yake?", 9 a kan "ba ragi?", 5 a kan kuɗin mota da kwanakin isowa, sauran 3 kuma tambayoyi ne barkatai. Ka ga farashi ne na uku, ba na farko ba.

Sai ka iya fassara tambayoyin, domin mutanenmu ba sa faɗin shakkarsu kai tsaye. Wanda yake Gombe ya ce "ina shagonku yake?" ba zuwa zai yi ba. Abin da yake nufi shi ne: idan na tura kuɗi, ba za ka rufe waya ba? Kunya ce ta hana shi ce maka yana tsoron damfara. Wanda ya ce "irin wadda ake sayarwa a kasuwa ce?" yana tambaya ne ko jabu ce, ko kuma me ya sa taka ta fi tsada. Wanda ya ce "bari in yi shawara", sau da yawa akwai wanda zai nuna wa, maigida ko uwargida ko yaya, kuma yana buƙatar abin da zai nuna. Bidiyon da za a iya turawa a WhatsApp a gane shi ba tare da ƙarin bayani ba yana yi wa irin wannan aiki.

Akwai kuma abin da bidiyo ba ya magancewa. Wanda yake jiran albashi sai ƙarshen wata. Idan maɓallin biya ba ya aiki a ƙaramar waya, ko kuɗin mota sai a shafin ƙarshe yake bayyana ya firgita mutum, gyaran shafi ake buƙata. Ɗauki wayar wani, ka yi oda da kanka daga farko har ƙarshe kafin ka kashe ko sisi a talla.

Mataki na biyu: shakka ɗaya, bidiyo ɗaya

A nan yawancin masu talla suke tuntuɓe. Sun samo shakku huɗu, sai su cusa su duka cikin bidiyo ɗaya na minti ɗaya da rabi. Mai tsoron damfara sai ya jira daƙiƙa 50 kafin a zo kan tasa matsalar, kuma ba zai jira ba. Ga wata illar: kana iya dasa wa mutum shakkar da ba shi da ita. Wanda batir kaɗai ya dame shi, ka fara yi masa rantsuwa cewa kai ba ɗan damfara ba ne, sai ya ce af, ashe akwai wannan maganar ma.

Ɗauki shakku biyu mafi yawa ka yi wa kowace bidiyonta. Ga mai fanka, bidiyon batir da bidiyon amana. Na farashi ya jira.

Tsawon kowanne ya tsaya tsakanin daƙiƙa 25 zuwa 35. Mai magana da Hausa ba tare da gaggawa ba yana furta kalma biyu zuwa biyu da rabi a daƙiƙa, saboda haka kalma 60 zuwa 80 kake da su, ba ƙari. Rubuta, ka karanta da ƙarfi da agogo a hannu. Idan ya wuce, yanke magana, kada ka ƙara sauri. Sallama doguwa, gabatar da sunan kamfani, "muna yi muku albishir", duk su fita. Za ka ji kamar rashin ladabi ne a fara magana babu gaisuwa, amma mai gungura waya da babban yatsa ba ya ba ka lokacinta. Gaisuwar tana nan zuwa idan ya shigo WhatsApp.

Mataki na uku: rubutun bidiyon batir

Kafin a rubuta ko kalma ɗaya, sai an san gaskiyar amsar. A jikin kwalin fankar an rubuta awa 10. Duba batirin: a ce volt 12 ne, 4.5Ah. Idan ka ninka su za ka samu 54Wh, wato iya wutar da yake ɗauka ke nan. Fankar a lamba ɗaya tana cin kamar wat 6, sai ka raba 54 da 6, ka samu awa 9 a lissafi. A lamba uku tana cin wat 15, awa uku da rabi ke nan da ɗan ɗoriya. A aikace kuma ba ta kai lissafin, domin batir ba ya ba da duk abin da ke cikinsa. To awa 10 na kwalin, ko da ta tabbata, a lamba mafi ƙasa ce. Mai saye ya san haka a ransa, domin ya taɓa sayen fitila mai caji da aka ce kwana take yi. Shi ya sa bai yarda da kwalin ba, kuma ba zai yarda da bakinka ba idan kwalin ka karanta masa.

Saboda haka gwaji za ka yi. Ɗauko fanka daga cikin waɗanda ake aika wa kwastomomi, ba wadda aka zaɓa ba. Cika cajinta, ka ajiye agogon bango ko wata wayar a gefenta, ka kafa waya a wuri ɗaya, ka jona ta a caji, ka ɗauka da tsarin ɗaukar da ke taƙaita awoyi zuwa daƙiƙoƙi, wanda a yawancin wayoyi sunansa Time-lapse. Ka ɗaura ɗan ƙyalle a gaban fankar don a ga iskar. Ka yi gwaji biyu, ɗaya a lamba ɗaya, ɗaya a lamba uku. A ce ta yi awa takwas da rabi a na farko, awa uku a na biyu. Ga rubutun.

Daƙiƙa 0 zuwa 4. Hoto: fanka tana juyawa, hannu ya zare filogi daga bango ya ɗaga shi gaban kyamara. Rubutu a fuskar bidiyo: AWA NAWA TAKE YI? Murya: "Awa nawa take yi idan Nepa ta ɗauke? Mu gwada."

Daƙiƙa 4 zuwa 17. Hoto: gwajin da aka taƙaita, agogo yana gudu, ƙyalle yana kaɗawa, har fankar ta tsaya. Murya: "Mun cika cajinta, mun cire ta daga wuta ƙarfe tara na dare, a lamba ɗaya. Ga agogo nan, ba mu yanke bidiyon ba. Ta tsaya ƙarfe biyar da rabi na asuba."

Daƙiƙa 17 zuwa 23. Hoto: yatsa ya murɗa zuwa lamba uku, gwaji na biyu a taƙaice. Murya: "A lamba uku, awa uku kawai take yi. Gara ka sani tun yanzu."

Daƙiƙa 23 zuwa 29. Hoto: an buɗe bayan fankar, ga batirin, ga sabo a gefensa. Murya: "Idan batirin ya lalace cikin wata shida, za mu canza maka kyauta."

Daƙiƙa 29 zuwa 35. Hoto: fanka, faifan sola da waya a jere, farashi a rubuce. Murya: "Naira dubu sittin da biyar, har da faifan sola. Danna ƙasa ka yi oda."

Kowane yanki da aikinsa. Buɗewar tana tace masu kallo: wanda wannan ce tambayarsa zai tsaya, domin ya ji maganarsa a bakin wani. Lura ba a ce "mun ga ka duba fankarmu ba ka saya ba". Wasu suna ganin wayo ne, amma abin da mai kallo yake ji shi ne ana leƙen wayarsa, sai ya danna ɓoye tallar. Faɗi shakkar, kada ka faɗi cewa kana bin sa.

Yanki na biyu shi ne zuciyar bidiyon, shi ya sa ya fi kowanne tsawo. Ƙa'idarsa: duk abin da baki ya faɗa, ido ya gani a lokacin. An ce ƙarfe tara, agogo yana nuna tara. Idan aka yanke hoton a tsakiya aka koma wata kusurwa, hujjar ta rushe, don mai shakka zai ce a nan aka mayar da filogi. Shi ya sa ake barin filogin a ajiye inda ake ganinsa tun daga farko har ƙarshe.

Yanki na uku ne masu kaya suke ƙi. Me zai sa in faɗi aibin kayana da bakina? Dalilai biyu. Na ɗaya, awa ukun nan ita ce take sa a yarda da awa takwas da rabin. Wanda ya faɗi abin da ba ya so a ji, ana gaskata shi a sauran. Na biyu, duk wanda ya saya yana zaton zai kwana a lamba uku cikin zafin Afrilu, zai dawo maka da fankar ko ya zage ka a ƙarƙashin tallarka, kuma zagin nan duk mai shakka na gaba zai karanta shi. Gara ka rasa shi tun a bidiyo. Sai dai aibi ɗaya ake faɗa, wanda ya shafi tambayar, a jimla ɗaya, a wuce.

Yanki na huɗu alkawari ne, kuma dole ya kasance da adadi da sharaɗi. "Muna ba da garanti" ba ta nufin komai. Wata nawa, a kan wane ɓangare, wa zai biya kuɗin mota? Idan ba za ka iya cika wata shida ba, ka ce wata uku. Idan babu garanti ko kaɗan, faɗi abin da yake akwai: ana samun batirin canji, kuɗinsa kaza. Wannan ma amsa ce, domin tsoron mutumin shi ne fankar ta zama kayan ado bayan damina.

A ƙarshe umarni ɗaya tak. Ba a cewa ya bi shafinmu, ya tura wa abokai, ya kira lamba, ya kuma yi oda. Maimaita farashi a nan yana da amfani, don kada wanda ya manta ya shigo ya sake firgita.

Bidiyon amana

Wannan ya bambanta da na farko a abu ɗaya babba: ba kaya ake nunawa ba, mutum ake nunawa. Muryar da ba a ga mai ita ba ba ta isa a nan. Mai shagon ne da kansa, ko wanda kullum yake tsaye a shagon, zai fito da fuskarsa. A fara ɗauka daga bakin titi, a ga allon shagon da maƙwabtansa, a shiga ciki ba tare da yankewa ba. Ɗan damfara yana iya satar hotunan kaya, amma tafiya daga titi zuwa cikin shago da fuska a buɗe tana yi masa wuya.

Maganar tana iya zama kamar haka:

"Tsoron tura kuɗi ga wanda ba ka sani ba? Da gaskiyarka. Ga shagonmu, ga ni. Sunan da ke jikin allon nan shi ne sunan asusunmu na banki, idan ka ga wani suna daban kada ka tura. Naira dubu goma kawai za ka fara biya. Za mu turo maka bidiyon kwalinka da sunanka a jiki, da lambar direba. Sauran kuɗin sai kaya sun shiga hannunka."

Kalma 60 da 'yan kai ke nan, kusan daƙiƙa 28, sai a ƙara umarnin dannawa. "Da gaskiyarka" tana da muhimmanci. Kada ka nuna ɓacin rai don an zarge ka, kada kuma ka yi rantsuwa. Macuta sun fi kowa iya rantsuwa, mutane kuma sun sani. Abin da ke kwantar da hankali shi ne tsarin da ke rage asarar mai saye ko da kai macuci ne, da kuma abin da zai iya tantancewa da kansa. Sunan asusu yana cikin waɗannan, domin manhajar banki tana nuna sunan mai asusu kafin a tura. Idan ka yi rajistar sunan kasuwancinka da hukumar CAC kuma asusun da sunan yake, wannan jimlar tana da nauyi. Idan asusun da sunan ƙaninka yake, gyara wannan kafin ka ɗauki bidiyo.

Me ya sa kafin alƙalami na dubu goma, ba a ce a biya duka idan kaya sun isa ba? Saboda wanda bai saka ko kwabo ba yana iya kashe waya ranar da kaya suka isa tasha, kai kuma ka biya kuɗin mota zuwa da dawowa. Ka lissafa kuɗin nan, ka sa kafin alƙalamin ya rufe shi. Sannan ka shirya wanda zai karɓi ragowar a can, direban da kuka saba ko wakili. Kada ka faɗi tsari a bidiyo wanda yaron shagonka zai musanta a WhatsApp. Abin da ya fi kashe tallar bibiya ke nan: bidiyo ya ce dubu goma, mai amsa saƙo ya ce sai an biya duka.

Shaidar kwastoma tana taimakawa idan ta gaskiya ce kuma ta faɗi abu takamaimai, kamar garin da yake da kwana nawa kaya suka yi a hanya. Nemi izininsa, ka rufe lambarsa. Hotunan hirar WhatsApp masu "Masha Allah kaya sun yi kyau" sun yi yawa har ba a kallonsu.

Game da farashi, kalma kaɗan. Ragi ne abu na ƙarshe da za ka taɓa. Ba ya amsa tambayar batir, ba ya amsa ta amana, hasali ma kaya masu arha fiye da kima suna ƙara wa mai tsoron damfara tsoro. Yana kuma koya wa mutane su duba kaya su fita su jira ragi. Idan za ka yi bidiyon farashi, baje abin da ke cikin kwalin ɗaya bayan ɗaya da kuɗin kowanne idan aka saye shi daban, ba tare da kushe kayan wani ba.

Ɗauka da haɗawa

A ɗauka a tsaye, 9:16, girman 1080 da 1920, don Reels da Stories. A Reels sunan shafi da maɓallin dannawa suna rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasan hoton, sama ma akwai ɗan yanki da ake rufewa, don haka rubutu da agogo da farashi su zauna a tsakiya. Mutane da yawa suna kallo babu sauti, a cikin mota ko a wurin aiki, saboda haka kowace jimla a rubuta ta a fuskar bidiyo, kalma biyar ko shida a lokaci guda. Rubuta da hannunka, kada ka bar wa manhaja ta saurara ta rubuta, domin Hausa tana fitowa a hargitse. Ka kuma gwada salon haruffan da ka zaɓa da ƙ, ɗ da ɓ. Wasu salon ba su da su, sai ka ga ɗan akwati a tsakiyar kalma. Gwaji na ƙarshe: kashe sauti, ka miƙa wa wanda bai san maganar ba, ka tambaye shi awa nawa fankar take yi. Idan bai iya amsawa ba, a koma teburin haɗawa.

Mataki na huɗu: kai bidiyon ga masu shi

Idan kana da shafin intanet, Meta Pixel, wato ɗan rubutun kwamfuta da Meta, kamfanin Facebook da Instagram, take bayarwa a saka a shafi, shi ne yake gaya wa Meta wanda ya duba kaya. A shafin fankar ana buƙatar wannan ya tashi duk lokacin da aka buɗe shi:

```
fbq('track', 'ViewContent', {
  content_ids: ['FK16'],
  content_type: 'product',
  value: 65000,
  currency: 'NGN'
});
```

Haka AddToCart idan an saka a kwando, da Purchase a shafin da ke fitowa bayan biya. Shiga Events Manager, shafin Meta da ke nuna abin da Pixel yake aikowa, ka buɗe Test Events, ka yi oda ta gwaji ka ga kowanne ya bayyana a inda ya dace. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa ViewContent a kowane shafi, har da shafin farko, sai rukuninka ya cika da waɗanda ba su taɓa ganin fankar ba.

Daga nan a Ads Manager, inda ake tsara tallar Meta, ƙarƙashin Audiences, ka ƙirƙiri Custom Audience daga Website. Rukuni na farko: waɗanda suka yi ViewContent cikin kwana 14, a cire masu AddToCart da Purchase. Su za a nuna wa bidiyon batir, domin har yanzu kayan suke tantama a kai. Rukuni na biyu: masu AddToCart cikin kwana 7, a cire masu Purchase. Waɗannan sun yarda da kayan, a bakin biya suka tsaya, don haka bidiyon amana ne nasu. Meta tana ba da damar komawa baya har kwana 180, amma wanda ya duba fanka a Maris ba shi ne mutumin da zai gan ta a Agusta ba: ko ya saya a wani wuri, ko ruwa ya sauka zafi ya ragu.

Wanda ba shi da shafin intanet ma yana iya yi. Ka ƙirƙiri rukunin daga Video, ka zaɓi waɗanda suka kalli kashi 50 ko 75 cikin ɗari na bidiyon fankar na farko, ko daga Instagram account ka zaɓi waɗanda suka aiko saƙo. Kada ka zaɓi masu kallon daƙiƙa uku, yawancinsu wucewa suke yi.

Abubuwa biyu suna lalata aikin a ɓoye. Na farko, cinikin da ya ƙare a WhatsApp da tura kuɗi ta banki, Pixel bai san da shi ba. Mutumin da ya saya jiya zai ci gaba da ganin tallarka, kana biyan kuɗi kana kuma ƙular da shi. Maganinsa: tara lambobin wayar waɗanda suka saya a fayil, kowace ta fara da 234 ba da sifili ba, ka ɗora ta a matsayin Customer list, ka sa ta cikin waɗanda ake cirewa, ka sabunta duk mako. Na biyu, tsarin Advantage+ audience yana ɗaukar rukuninka a matsayin shawara kawai, yana iya faɗaɗawa zuwa baƙi. Ga tallar neman sababbin mutane wannan ba laifi, amma a nan yana nufin bidiyon amsa yana zuwa ga waɗanda ba su yi tambaya ba. Duba wurin zaɓen masu kallo ka tabbatar an taƙaita shi ga rukuninka. Ka kuma san cewa rukunin zai gaza adadin waɗanda suka ziyarci shafin da gaske, musamman masu iPhone, tun da Apple ta fito da iOS 14.5 a 2021 wanda ke tambayar mai waya ko ya yarda manhaja ta bibiye shi.

Kuɗin da za ka sa ya danganta da girman rukunin, ba da ƙarfin aljihunka ba. A ce rukunin mutum 2,000 ne, kuma nunawa sau dubu tana cin naira 1,500. Idan ka sa naira 3,000 a rana, nunawa 2,000 ke nan kullum, 14,000 a mako. Raba da mutum 2,000: kowa ya ga bidiyon sau bakwai a mako, kuma da yake ba duka ake samu ba, waɗanda aka samu sun fi haka gani. Ya yi yawa. Sau uku ko huɗu a mako ya wadatar, wato rabin kuɗin nan. Ginshiƙin Frequency ne yake nuna wannan adadi. Idan kowane rukuni bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, haɗe su wuri ɗaya, ka sa bidiyon biyu a ciki, ka mayar da sauran kuɗin kan tallar da ke kawo sababbin masu dubawa.

Mataki na biyar: gano inda rubutun ya gaza

Bar tallar ta yi mako guda ba ka taɓa ta ba. Sannan ka ƙara waɗannan ginshiƙai a Ads Manager: Impressions, 3-second video plays, ThruPlays, da Video plays at 25%, 50%, 75%, 95%. ThruPlay yana ƙirga wanda ya kalli daƙiƙa 15, ko ya kai ƙarshe idan bidiyon bai kai haka ba. Da yake ka san abin da ke kowace daƙiƙa ta rubutunka, alƙaluman nan za su nuna maka jimlar da ta kore mutane.

Idan kaɗan ne suke wuce daƙiƙa uku idan aka gwada da sauran bidiyoyinka, ko dai shakkar da ka buɗe da ita ba tasu ba ce, ko hoton farko bai nuna komai ba. Canza daƙiƙa huɗun farko kaɗai, ka bar sauran, don ka san abin da ya kawo bambanci. Idan suna tsayawa amma suna zubewa tsakanin kashi 25 da 50, a bidiyon batir wannan daidai tsakiyar gwajin ne: ya yi tsawo, ko agogon bai fito sosai a ƙaramar waya ba. Idan suna kaiwa kashi 75 amma ba sa dannawa, sun gamsu da amsar, wata shakkar ce ta biyu take riƙe da su, kuma sau da yawa za ka tsince ta a rubuce ƙarƙashin tallar. Idan suna dannawa ba sa saye, matsalar ta bar bidiyo ta koma shafi ko mai amsa saƙo. Duba ko farashin shafin ya yi daidai da na bidiyo, ko garantin wata shidan yana rubuce a can, da kuma minti nawa ake ɗauka kafin a amsa saƙo.

Wajen lissafin riba a yi hattara. Wasu daga cikin waɗanda suka saya bayan ganin bidiyon da ma za su dawo ko ba talla, amma Ads Manager zai rubuta su a matsayin nasararsa. Hanya mai sauƙi ta aunawa ita ce ka kwatanta jimillar odar shagon a makonni biyu da tallar take aiki da makonni biyu da aka kashe ta, a yanayi iri ɗaya, ba ɗaya a ƙarshen wata ɗaya a tsakiyarsa ba. Ka kuma sake ƙirga hira 50 bayan wata guda. Idan bidiyon batir ya yi aikinsa, masu tsayawa a kan "awa nawa?" za su ragu daga 19, wata tambayar ta hau sama, kuma ita ce za a rubuta wa bidiyo na uku.